Rubutun yabo a mujallar ofis, sunan wa zan fara sawa?

"Sashenmu ya gama kwashe fayilolin fansho zuwa kwamfuta kafin wa'adi, an ce in rubuta ɗan labari a mujallar cikin gida, yaya zan yi kada wani ya ji an danne shi?"

Malama, kafin ki rubuta komai ki nemi jadawalin rabon aikin, ki kuma tambayi mutum biyu ko uku daban daban wa ya yi me, don in oga kaɗai kika tambaya to sunayen waɗanda suke shiga mitin da shi zai ba ki, masinjan da ya yi ta ɗauko fayil daga sito da ƙurarsa ba zai tuna da shi ba.

Layin farko ki faɗi abin da ya canja, misali da can sai an kwana biyu ana neman fayil ɗin ɗan fansho, yanzu kafin dattijo ya zauna an buɗe masa. Sannan kowane suna ki haɗa shi da aikinsa: wance ta tantance lambobin ma'aikata, wane ya gano fayilolin da suka maimaitu. "Da sauransu" ɗin nan ita ke kawo gaba wallahi, gara ki sa kowa. In sun yi yawa ki jera su bisa harafi, oga kuma ki ba shi jimla ɗaya ta godiya daga bakinsa.

Kafin a buga ki tura wa kowa ya duba sunansa da muƙaminsa, Hassan da Hussaini ana musanya su fiye da yadda kike zato. Hoto ma ki nemi izini, akwai matan da ba sa so.