Kammala horon shekara ɗaya kafin ka nemi bizar Birtaniya

"Yaya, barka da aiki. Na gama digirin kimiyyar gwaje-gwajen asibiti, an rantsar da mu, MLSCN, hukumar da ke kula da aikinmu a Najeriya, ta ba mu lasisin wucin gadi. Wata biyar ke nan ina neman gurbin horon shekara ɗaya ban samu ba. Baba ya ce zai sayar da fili in tafi Ingila in yi mastas a fannin, wai daga nan sai in yi rajista in kama aiki a asibitinsu. In haƙura da horon in taho?"

Ƙanena, a bar filin Baba a inda yake tukuna. Mastas ɗin da kake magana ba ya ba mutum rajista a nan Birtaniya, ko da ka fito da sakamako mafi kyau a ajinku. Na ga mutanenmu da yawa sun gane wannan bayan kuɗin makaranta ya riga ya shige, shi ya sa na fara da shi.

Sunan aikinmu a Birtaniya Biomedical Scientist, haka za ka gan shi a tallan aiki, kuma doka ta killace sunan. Wanda ba ya cikin rajistar HCPC, hukumar da ke yi wa ma'aikatan lafiya irinmu rajista a nan, ba shi da ikon kiran kansa da shi, ba kuma zai sa hannu a saki sakamakon gwaji a matsayin ba. Ƙofa biyu ce ta shiga rajistar. Ɗaya ta waɗanda suka yi karatu a nan, ɗaya ta waɗanda suka yi karatu kuma suka ƙware a wata ƙasa. Abin da kake shirin yi shi ne ka baro ƙofar da aka yi dominka saura ƙiris ka shiga, ka zo ka bi layin wadda ba taka ba.

Ga yadda ta 'yan gida take. Ɗalibi yana yin digirin farko da IBMS, ƙungiyar masu wannan sana'a a nan, ta amince da shi. Bayan haka, ko a tsakiyar karatun, sai ya samu lab ɗin da IBMS ta yarda ya horar da mutane, ya cika wani kundi da ake kira Registration Training Portfolio a ƙarƙashin jami'in horarwa. Yawanci shekara guda yake ci, wani lokaci ya haura. A cikinsa kake tara shaidar cewa ka iya abin da HCPC ta ce dole ma'aikaci ya iya: karɓar samfuri, gane wanda ya lalace, kula da ingancin na'ura, tsare sirrin majinyaci, sanin iyakar aikinka. In ya cika, sai a turo mai tantancewa daga wani asibitin daban, ya duba kundin, ka zagaya da shi cikin lab yana yi maka tambayoyi. Ya gamsu, IBMS ta ba ka Certificate of Competence, da ita ka je HCPC.

Ka lura babu mastas a cikin wannan jeri. Jami'o'i suna rubuta cewa IBMS ta amince da mastas ɗinsu, kuma gaskiya suke faɗa, sai dai amincewar ta ƙarin ilimi ce ga wanda ya riga ya shiga aikin. In ka zo da digirin gida kana son bin wannan ƙofa, sai ka biya IBMS ta auna digirinka da darussan da take buƙata, wato sinadaran jiki, jini da ƙarin jini, ƙwayoyin cuta, nazarin tsoka, garkuwar jiki da ilimin gado. Inda ta ga giɓi ta ce ka je jami'a ka cike, da kuɗinka. Duk wannan mai sauƙi ne a kan neman gurbin cika kundin. Yaran da aka haifa a nan, da digirinsu na nan, suna yin shekara biyu ko uku suna aikin mataimakin lab suna jiran manaja ya ce ga gurbi. Kai kuwa bizar ɗalibi awa 20 a mako ta yarje maka aiki lokacin karatu, bizar bayan kammalawa kuma tana da wa'adi. Akwai wani ɗan garinmu da ya bi wannan hanya. Ya gama mastas, ya samu aikin mataimaki a wani asibiti, yana karɓar kwalaben jini yana manna musu lamba, an yi ta ce masa gurbin horo na nan tafe har bizarsa ta kusa ƙarewa. Daga ƙarshe komawa gida ya yi ya nemi horon da ya tsallake.

Ƙofar 'yan waje ita na bi, kuma kana Kano ko Sakkwato za ka iya cike takardunta, ba sai ka taka ƙasar ba. Kana biyan kuɗin dubawa, wanda ya haura fam 600 kuma ba a mayarwa in an ƙi ka. Jami'arka ta cike fom ɗin bayanin kwas, darasi bayan darasi, abin da aka koyar da awannin da aka yi, ta buga hatimi. Ka kawo shaidar rajistarka ta gida, da bayanin wuraren da ka yi aiki, da wanda ya kula da aikinka wanda za su iya tuntuɓa. Inda suka nemi shaidar Turanci, ma'aunin IELTS ɗinsu 7 ne, kada wani sashe ya gaza 6.5. Daga nan sai a miƙa takardunka ga mutum biyu 'yan sana'ar, su ɗora karatunka da aikinka a kan ma'aunin ƙwarewa na HCPC. Ko su amince, ko su nemi ƙarin bayani, ko su kira ka gwajin ƙwarewa, ko su ƙi.

To a nan horon shekara ɗaya yake da nauyinsa. Abin da kundin nan yake tabbatarwa game da ɗan Birtaniya, wato ya yi aiki da hannunsa a kan samfurin majinyaci na gaske wani babba yana kallonsa, shi horonka yake tabbatarwa game da kai. Mutum biyun nan ba su san ka ba, takarda kawai ke gabansu. Lasisin wucin gadi yana gaya musu cewa hukumar ƙasarka ma ba ta gama sakin hannunka ba. Ban ga hikimar biyan fam ɗaruruwa domin a karanta wannan ba.

Saboda haka in ka samu gurbin, kada ka yi shi irin na sa hannu a rajistar zuwa aiki. Ka tabbata lab ɗin yana cikin waɗanda MLSCN ta amince su horar, domin shekara a inda ba a amince ba asara ce. Ka zagaya dukkan sassa, ko da a shekarar ƙarshe ka karkata ga guda ɗaya: sinadarai, jini da bankin jini, ƙwayoyin cuta, nazarin tsoka. Mutanenmu suna gudun sashen tsoka saboda warin fomalin, sai a zo cike takarda wurin ya zama fayau. Ka sayi littafi naka na kanka ban da wanda za a ba ka. Kullum ka rubuta sunan na'urar da ka yi aiki da ita, gwajin da ka yi, abin da ya lalace da abin da aka yi a kai, ba tare da sunan majinyaci ba. Kafin ka bar kowane sashe shugabansa ya sa maka hannu, ka karɓi adireshin imel ɗinsa na aiki. Bayan shekara biyu wani ya yi ritaya, wani an yi masa canjin wuri, nemansu sai ya fi horon wahala.

Bari in nuna maka irin abin da nake nufi da rubutu mai amfani. Yawancin masu nema suna rubuta "ina gudanar da gwajin sinadaran jini bisa ƙa'ida". Wannan bai gaya wa kowa komai ba. Kwatanta da wannan: samfuri ya zo daga ɗakin marasa lafiya, na'ura ta ba da fotashiyam 8.9, kalshiyam kuma ya faɗi ƙasa ƙwarai, alhali jiya duka biyun daidai suke a wurin mutumin. Na duba jinin, bai fashe ba. Na duba gwajin ingancin na'ura na safiyar, yana cikin iyaka. Sai na yi zargin sinadarin EDTA na kwalba mai murfi launin shunayya, wadda ake gwajin ƙidayar jini da ita, ya shiga samfurin, domin shi gishirin fotashiyam ne kuma yana kama kalshiyam. Na ga wani sinadarin jini da ake kira ALP ma ya yi ƙasa, abin da ya ƙara ƙarfafa zargin. Ban saki sakamakon ba, na sanar da babbana, na kira ɗakin na ce a sake ɗibar jini da gaggawa, na rubuta abin da ya faru. Sabon samfuri ya ba da 4.2. Labari ɗaya irin wannan ya nuna ka san ilimin, ka san na'urar, ka san lokacin da za ka tsaya ka kira na gaba da kai, kuma ba ka yi sakaci da yiwuwar cewa lambar gaskiya ce ba. Ba za ka iya ƙirƙiro shi daga littafi ba, sai ka tsaya a benci.

Kuma kada ka karɓi takardar wani ka canza suna. Ana yawo da irin waɗannan a waya, har da masu karɓar kuɗi su rubuta wa mutum. HCPC tana bincikar kwafe, kuma wanda aka kama matsalarsa ta tashi daga ƙarancin ƙwarewa ta koma rashin gaskiya, wadda ta fi wuyar wankewa.

Abin da na fi jin rauninsa da na iso shi ne tsarin inganci. A gida hannunmu ya fi nasu faɗawa a wasu abubuwan, ɗan Najeriya zai gano ƙwayar maleriya a gilashi kafin abokin aikinsa ya gama daidaita madubi. Amma a nan komai sai da rubutacciyar ƙa'ida da shaidar an bi ta, domin ana tantance lab-lab ɗinsu a kan ma'aunin ISO 15189. In a asibitin da za ka yi horo akwai jami'in kula da inganci, ka manne masa. Ka koyi karanta jadawalin Levey-Jennings, ka san lokacin da ake dakatar da na'ura, ka ga yadda ake rubuta rahoton kuskure. A hirar ɗaukar aiki nan suke fi tsayawa.

Rajista kuma ba aiki ba ce. Najeriya tana cikin jerin ƙasashen da aka hana asibitocin Birtaniya zuwa ɗibar ma'aikatan lafiya, amma ba a hana mutum ya nemi aikin da aka tallata da kansa ba. Sabon mai rajista a mataki na 5 yake farawa a NHS, wato asibitocin gwamnatinsu, wajen fam 31,000 a shekara a Ingila a 2025, kafin haraji da haya su ci rabonsu. Asibitin da zai ɗauki nauyin bizarka ya fi son wanda ya yi shekara biyu ko uku a benci. Wannan ya sa nake ganin ko bautar ƙasa ka yi ƙoƙari a tura ka asibiti mai lab na gaske, a ƙirga maka ita cikin ƙwarewa.

Batun gurbin da ya ƙi samuwa, na san ciwon, ni ma na yi jira. Kada ka tsaya a asibitin koyarwa na garinku kaɗai, inda kowa ya kai takarda. Ka nemi cibiyoyin lafiya na tarayya da asibitocin ƙwararru na jihohin da mutane ba sa rububi, da na sojoji, muddin suna cikin jerin MLSCN. Kuɗin motar zuwa Nguru ko Birnin Kudu ka ajiye takarda bai kai kuɗin awon filin Baba ba. Ka gaishe min da shi, ka ce masa in an kai lokacin biyan HCPC da jarrabawar Turanci za mu zo masa da lissafi, kuma ba zai kai ga fili ba.