Hoto ɗaya, janbaki kala goma sha biyu

Tambaya: Ina sayar da janbaki da hodar saman ido ta waya. Janbakin kala 12 ne, kuɗin ɗaukar hoton kowace kala ya fi ƙarfina. Zan iya sa a ɗauki hoto ɗaya a riƙa canza masa kala, ba tare da an taɓa leɓe ko ido ba?

Hajiya, yana yiwuwa, kuma akwai sauƙi. A ce kwalliya da ɗaukar hoton kala guda naira 5,000 ne, duka sun tashi 60,000. Hoto ɗaya da gyara 11 a naira 1,000 kowanne, 16,000 ke nan. Amma ranar da mai saye ta buɗe janbaki ta ga ba kalar da ta gani a waya ba ce, kin yi asarar kuɗin aike, kin kuma rasa ta. Nan ne hankalina ya fi tsayawa.

Ki sa a ɗauki hoton a bakin taga da rana, da janbaki mai haske. Duhunta kala abu ne mai sauƙi, amma mayar da mai duhu mai haske yana fitowa kamar fenti. A wannan zaman ki shafa kowace kala a bayan hannun yarinyar da aka yi wa kwalliyar a ɗauka. Daga nan mai gyaran hoto zai ɗebo kalar da Eyedropper, abin ɗebo launi daga hoto a kwamfuta, kada ya zaɓa da ka.

A Photoshop, ko Photopea da ake amfani da shi kyauta, ya zagaye leɓen kaɗai, ban da haƙora, ya ɗora shafin launi na Solid Color a kan hoton, ya mayar da yanayin haɗuwarsa da hoton, wato blend mode, zuwa Color. Wannan yana canza launi ne, ya bar haske da inuwa da tsagar leɓe yadda suke. Sai dai ba ya ƙara duhu, don haka ja mai duhu sai an ƙara wani shafi a Multiply, a rage ƙarfinsa. Ki gindaya masa sharaɗi: ban da Liquify, domin da shi ake kumbura leɓe.

Ido ya fi wuya. Kalar ta tsaya a fatar sama, kada ta hau gashin ido, kwalli ko gira, gefenta kuma ya narke a hankali kamar an shafa da buroshi.

Kafin ki biya, ki buɗe hoton sosai. In leɓen ya yi sumul ba tsaga, ko haƙori ya yi ja, ki mayar masa. Sannan ki jera shi da na asali ki duba ko iyakar leɓen ta motsa.

Janbaki mai sheƙi da hoda mai ƙyalƙyali kuwa a ɗauke su da gaske, canza launi ba ya haifar da ƙyalli. Kala ɗaya kuma ba ta fitowa iri ɗaya a kan baƙa da fara, saboda haka ki haɗa kowane hoto da na shafin bayan hannun, ki rubuta a ƙasa cewa an canza kalar da kwamfuta.