Tambayoyinku Kan Fasaha: Rautar da Aka Manta da Ita a Bayan Talabijin

Tambaya: Rautata Archer AX21 ce ta TP-Link. Tun da na saya ban taɓa shiga saitunanta ba, kuma intanet ɗina lafiya lau. Ɗana ya dame ni wai sai na sabunta manhajarta. Abin da bai lalace ba, me zai sa in taɓa shi?

Amsa: Malam, yaron nan ya fi ka gaskiya, sai haƙuri. Saurin intanet ba shaidar tsaro ba ne. Rauta ƙaramar kwamfuta ce mai manhajar kanta, wadda a shafin saituna za ka ga an rubuta Firmware, kuma ita kaɗai ce a gidan ke fuskantar intanet kai tsaye dare da rana. Waya tana damun ka da saƙon sabuntawa har sai ka gaji ka danna. Rauta kuwa shiru take yi, fitilunta na ta ƙyalli, ko da wani yana cikinta.

Ka ma yi sa'a, ko rashinta, don irin taka tana da tarihi. A Disamban 2022 masu bincike suka nuna rami a AX21 a gasar kutse ta Pwn2Own a Toronto, aka yi masa lamba CVE-2023-1389. Shafin saitunan rautar yana karɓar abin da aka aiko a gurbin zaɓen ƙasa ya miƙa wa tsarin ba tare da ya tace ba, saboda haka wanda ya cusa umarni a gurbin nan, rautar za ta aiwatar masa da cikakken iko, ba ta ko tambayi kalmar sirri ba. Ka lura da wannan da kyau, domin masu cewa "ai kalmar sirrina mai ƙarfi ce" a nan suke faɗuwa. Ƙofa ce aka ƙarfafa wa kwaɗo, ɓarawo kuma ta taga ya shigo.

Kamfanin ya fitar da gyara a Maris 2023. A Afrilu aka fara ganin Mirai, muguwar manhajar nan da ke tara na'urori tana kai hari da su tun 2016, tana amfani da ramin. Haka abin yake tafiya kullum: da zarar an bayyana rami an fitar da gyara, kowa ya san inda yake, sai farautar waɗanda ba su sabunta ba ta fara. Kuma kada ka ce wa ya san ka. Ba mutum ne ke zaune yana neman gidanka ba, na'urori ne ke bin adireshin intanet ɗaya bayan ɗaya suna gwada kowane.

Idan suka shiga, mafi sauƙin abin da za su yi shi ne su mayar da rautar sojan haya, tana aika hari da datarka. Wanda ya fi muni shi ne su canza adireshin DNS, wato tsarin da ke fassara sunan shafi zuwa adireshinsa. Sai ka rubuta sunan bankinka daidai, rautar ta tura ka shafin bogi. Burauza za ta iya nuna gargaɗin cewa takardar shaidar shafin ba ta inganta ba, amma na san ku, wucewa kuke yi. Daga rautar kuma ana ganin kyamara, firinta da duk abin da ke jone a gidan.

To ga aikin. Jona kwamfuta da rautar ta kebul, kada ka yi ta Wi-Fi. Buɗe `tplinkwifi.net` ko `192.168.0.1`. Idan bai buɗe ba, a Windows rubuta wannan ka ɗauki adireshin da ke gaban Default Gateway:

```
ipconfig
```

Shiga Advanced, sai System, sai Firmware Upgrade. Dubi layin Firmware Version. Lambar da ke bayan Build kwanan wata ce, shekara, wata, rana. Gyaran da nake magana ya zo a 1.1.4 Build 20230219, don haka duk abin da ya gaza wannan, ramin na nan a buɗe. Danna neman sabuntawa, ka bar ta ta sauke, ta rubuta, ta sake kunna kanta. Minti biyar ne ko ƙasa da haka, kuma a cikinsu kada kowa ya taɓa soket. Bayan ta dawo, koma shafin ka tabbatar lambar ta canza, sannan ka kunna Auto Update ka ba ta lokacin da kowa ke barci.

Tunda ka daɗe a buɗe, sabuntawa kaɗai ba ta wadatar ba, domin tana toshe rami ne amma ba ta goge saitin da wani ya riga ya canza. Duba DNS ko akwai adireshin da ba kai ka sa ba, duba Port Forwarding ko akwai layin da ba ka sani ba, ka tabbatar Remote Management a kashe yake. Ni dai shawarata, danna Reset da tsinke har fitilu su canza, ka saita komai daga farko da sabuwar kalmar sirri. Kada ka dawo da tsohon ajiyayyen saiti, za ka iya dawo da ɓarnar da hannunka.

Tambaya: Ina kashe rautata in kunna duk safiya. Wannan bai isa ba?

Amsa: Bai isa ba, Hajiya. Kashewa tana korar irin su Mirai da ke zaune a ƙwaƙwalwar wucin gadi, amma ramin da suka bi yana nan, za su dawo. Wasu ma ba sa fita: matakin farko na muguwar manhajar VPNFilter, wadda ta kama na'urori aƙalla 500,000 a 2018, yana tsira bayan an sake kunnawa.

Tambaya: Na sauke fayil daga shafin kamfani, rautar ta ƙi karɓa.

Amsa: Juya rautar ka karanta takardar da ke ƙasanta. Za ka ga Ver: ko V da lamba, wani lokacin da US ko EU. Suna ɗaya, kayan ciki daban, kuma fayil ɗin V1 ba na V3 ba ne. Sannan ka warware zip ɗin tukuna, fayil mai ƙarewa da `.bin` ake ɗorawa. Ka gode wa Allah da ta ƙi.

Tambaya: Wuta ta ɗauke ana tsakiyar sabuntawa, yanzu fitila ɗaya ce ke ƙiftawa.

Amsa: An rubuta rabin manhaja ke nan. Yawancin kamfanoni sun bar hanyar ceto: ASUS na da Rescue Mode, Netgear kuma ana tura fayil ta TFTP. Za ka jona kebul, ka sa wa kwamfuta tsayayyen adireshi kamar `192.168.1.10`, ka tura fayil ɗin da ya dace da lambar da ke ƙasan rautar. Nemi matakan samfurinka, don maɓallin da ake riƙewa ya bambanta. Gaba kuma, jona ta da UPS kafin ka fara.

Tambaya: Kullum tana cewa ina kan sabuwar manhaja, amma kwanan watan 2017 ne.

Amsa: Gaskiya ta faɗa, ba a sake yi mata wata ba ne. Duba jerin End of Life, wato samfuran da aka daina yi wa sabuntawa, a shafin kamfanin. Idan tana ciki, ramukan da aka gano daga baya ba mai toshe su. In kana da hannu a harkar, duba ko OpenWrt, manhajar rauta ta kyauta da ake ɗorawa a madadin ta kamfani, na goyon bayan samfurinka da lambar V ɗinsa. In ba haka ba, sayi wata, ka kunna sabuntawa ta atomatik tun ranar farko. Idan kuma kamfanin intanet ne ya ba ka ita, sau da yawa su ke tura sabuntawar daga can, sai ka kira su ka karanta musu lambar Firmware Version, su gaya maka ko sauya ta za a yi.