Agogon ƙwai daga tafasa yake farawa

"Maigida, jiya mai kanti ya ce in dafa masa ƙwai 2 masu gwaiduwa ruwa-ruwa. Na ba su minti 6 kamar yadda na ga kana yi, da ya fasa sai ga farin ma bai kama ba. Daga yaushe ake fara ƙirgen ne, kuma minti nawa kowane iri yake ci?"

Ka ga ni ina yin minti 6, amma ba ka ga lokacin da nake ɗaga ido in dubi agogo ba, don a lokacin kai idonka yana kan waya. Ku yaran yanzu lamba kawai kuke ɗauka ku gudu da ita. Na san abin da ka yi ko ban tsaya a kanka ba: ruwa ya fara 'yan ƙananan kumfa a gindin tukunya, ka ce ya tafasa, ka jefa ƙwai, ka danna agogo. Wannan kumfar ba tafasa ba ce, ruwa ne yake shirin tashi. Tafasa ita ce ruwa ya riƙa juyawa yana tafarfasa, ko ka sa ludayi ka motsa ba zai kwanta ba.

To, a irin wannan ruwan ake saka ƙwai, a hankali, da ludayi, kada ya bugi gindin tukunya. Da ka saka ruwan zai ɗan yi shiru, saboda ƙwan ya sha zafinsa. Idan ƙwai 4 ne ko 6 a ruwa mai yawa, kafin ka goge tebur ya dawo yana tafasa. A nan agogo yake farawa. Minti 6, fari ya kama, gwaiduwa tana zuba. Minti 8, gwaiduwa ta yi kauri kamar zumar da ta kwana a sanyi, gefenta ya kama, tsakiyarta da ɗan danshi. Minti 11 zuwa 12, ta nuna har ciki, ta yi rawaya mai haske, tana marmashewa a baki. Wannan lissafin ƙwan gidan gona ne mai matsakaicin girma, irin wanda muke ɗaukowa kiret-kiret. Idan daga firji aka ciro shi ka ƙara minti 1. Na kajin gida ƙanana ne, ka rage kaɗan.

Za ka ji wata ta ce maka ita minti 3 ko 4 take yi ta samu ruwa-ruwa. Ba ƙarya take ba. Ita a ruwan sanyi take saka ƙwan ta ɗora, saboda haka tun ruwa yana ɗumi ƙwan ya fara nuna, kafin a kai ga tafasa ya ci rabin hanya. Hanyarta daban, lissafinta daban. Ni ba na bin ta a teburina, don wutar gawayi yau tana da ƙarfi gobe ta yi sanyi, ruwan Afrilu a Gombe da ɗuminsa yake fitowa daga jarka, na hunturu kuwa kamar ƙanƙara. Ruwan da yake tafasa ne kaɗai zafinsa ba ya canzawa, ko ka ƙara wuta ko ka rage. Shi ya sa shi ake dogara da shi.

Ban koyi wannan a banza ba, da kuɗina na saye shi, kuma har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci.

Lokacin teburina yana wajen Tashar Dukku, kai ko makarantar allo ba a sa ka ba. Wata hajiya mai yin abincin biki ta aiko a kira ni. Tana da walimar ɗaurin aure a Jekadafari ranar Asabar, shinkafa dafa-duka, kowane kwano da ƙwai ɗaya a kai. Kiret 10, ƙwai 300 ke nan. Ta ce ta ji labarin ƙwaina ba ya yin baƙin zobe a jikin gwaiduwa, shi ya sa ta tsallake kowa ta zo gare ni. Muka yi ciniki: ni zan sayi ƙwan da kuɗina, in dafa, in ɓare, in kai mata kafin ƙarfe 11, ta biya ni gaba ɗaya. Ta ba ni kafin alƙalami da bai kai kuɗin kiret 2 ba. Ta kuma kafa sharaɗi, wai sai sabon ƙwai na ranar, daga gidan gonar da ta ambata, ba ta son kwantai.

Nan ya kamata in tsaya mata. Ƙwan da kaza ta saka jiya ba ya ɓaruwa da daɗi, farinsa yana manne da 'yar fatar nan ta cikin ɓawo, kana ɓarewa yana tahowa da tsoka. Sai ya yi kamar mako guda yake sakin ɓawonsa. Na san haka sarai, amma ciniki mai tsoka ne, ban so in yi mata musu ba.

Ranar Asabar bayan asuba na aro babbar tukunyar biki, na haɗa murhu da itace. Ruwa ya tafasa yadda ake so. Don in rage wa kaina aiki, sai na juye kiret 5 a lokaci ɗaya, ƙwai 150, kuma sanyin Disamba ya kwana a jikinsu. Ruwan nan ya mutu murus. Yaron da yake wurina a lokacin na ce masa minti 12, na tafi neman bokitai. Shi kuma tun daga saka ƙwan ya fara ƙirge. Daga baya da na matsa masa ya ce ruwan bai sake motsi ba sai ana saura minti 2 ko 3 a sauke. Ka lissafa da kanka, tafasar minti nawa ƙwan nan ya samu?

Ya sauke, ya juye a ruwan sanyi, ya zuba sauran 150 ɗin, ya sake yin yadda ya yi. Da na dawo muka zauna ɓara. Na farko da na ɗauka, tun a hannu na ji shi laɓa-laɓa, na matsa shi da babban yatsa ya lotsa bai dawo ba. Na raba shi biyu, gwaiduwa ta gangaro mini har gwiwar hannu. Na ɗauki wani, haka. Na gefen tukunya sun ɗan fi kamawa, na tsakiya kuwa fari ma da sauransa. Ga rana tana ɗagawa.

A nan na yi kuskure na biyu, wanda ya fi na farko muni. Tsoro ya kama ni, na mayar da su duka wuta, na ce a bar su sai sun yi sosai. Suka fi minti 20 suna tafasa. Ga bokitan ruwan sanyin sun riga sun yi ɗumi da zubin farko, babu inda zan tsoma su zafi ya yanke, suka zauna a tule suna ci gaba da dahuwa da zafin jikinsu. Da muka yanka ɗaya, ga zoben nan kore-kore mai duhu ya zagaye gwaiduwa, fari ya zama kamar roba, ga wari irin na baragurbi yana tashi alhali ƙwan lafiyarsa ƙalau. Wani malamin makarantar sakandare da yake shan shayi a wurina ya taɓa yi mini bayaninsa: farin ƙwai yana da sinadarin farar wuta, gwaiduwa tana da na ƙarfe, idan zafi ya daɗe sai su haɗu a inda fari ya taɓa gwaiduwa, su ba da wannan launi. Ba ya cutar da mai ci. Amma je ka gaya wa uwar amarya haka.

Ɓara kuwa kada ka tambaya. Mu 4 muka taru, har da matar gidana da ƙanwarta. Kusan kowane ƙwai na uku sai ya fito da ramuka kamar ɓera ya gwagwiye shi, saboda sabo ne. Muka kai wajen ƙarfe 12 saura.

Hajiyar nan ta buɗe roba, ta ɗauki ɗaya ta yanka a gaban 'yan aikinta, ta ɗaga shi sama tana cewa a zo a ga abin da aka kawo mata. Na ce, "Hajiya, na yi kuskure, ban musa ba. Ki ware waɗanda ba su yi miki ba in ɗauki asararsu." Ta ce babu lokacin warewa. Ina tsaye ina kallo aka jera ƙwan nan a kwanuka, duka 300, ko ɗaya ba a mayar mini ba. Jama'a suka ci suka tashi. Da na koma ranar Litinin ta ce na zubar mata da mutunci, ta miƙo mini abin da, haɗe da kafin alƙalamin, bai wuce kuɗin kiret 6 ba. Kuɗin kiret 4 ya tafi, ladan aikina ya tafi, itace da hayar tukunya duk a kaina. Ƙwan da bai cancanci kuɗi ba, yaya aka yi ya cancanci kan shinkafarta? Ita kuwa na tabbata an biya ta cif. Wata 2 na yi ina biyan mai gidan gona kaɗan-kaɗan. Na bar ta da Allah, amma ban manta ba.

Tun daga ranar ba na zuba fiye da kiret 1 a tukunya, kuma sai mai faɗi, ƙwai su kwanta jeri ɗaya ko biyu, ruwa ya haye kansu da kamar gaɓar yatsa 2. Idan na saka ruwan bai dawo tafasa cikin minti 1 zuwa 2 ba, na san ƙwan ya fi ƙarfin ruwan, lissafina ya rushe, dole in fasa ɗaya daga tsakiya in duba kafin in sauke. Mai ruwa-ruwa kuwa ba a yin sa da yawa ko kaɗan, don rabin minti yana canza shi. Ƙwai 6 ya isa.

Bokitin ruwan sanyi kuma tun kafin ka kunna wuta yake zama a gefenka, ba sai ƙwai ya nuna ka fara neman guga ba. Ƙwai ba ya daina dahuwa don an sauke shi. Na minti 6 da ka bari a faranti da zafinsa, kafin mai shi ya gama motsa shayi ya kusa zama na minti 8. Ka tsoma shi nan take, idan ruwan ya yi ɗumi ka zubar ka sake wani. Mai tauri ya yi minti 10 a ciki kafin ka taɓa ɓawonsa, ka fara ɓarewa daga gefen mai faɗi, inda iskar take.

Kada kuma in ga ka ɗora mai ruwa-ruwa a tire kana yawo da shi cikin tasha a zafin ranar Gombe. Wannan na wanda yake zaune a benci ne, ya ci yanzu-yanzu. Mai juna biyu ko ƙaramin yaro ko marar lafiya, ka ba su na minti 12.

Mai kanti zai dawo da safe. Ka ɗauki ƙwai 3 yanzu, ka jira ruwa ya yi tafasar gaske, ka ciro ɗaya a 6, ɗaya a 8, ɗaya a 12, ka yanka su ka kawo mini in gani. Kuɗinsu daga cikin na abincinka zan cire, kuma wayar nan ka ajiye ta a aljihuna, agogon bango ya ishe ka.