Rubutun ɗaliba ba kuskure, amma ba ta amsa tambaya ba: nawa zan ba ta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina koyar da tarihi a wata sakandare a ƙauyukan Ringim. Na ba 'yan aji biyar aiki, maki 20: "Me ya sa Turawa suka ci Kano cikin sauƙi a 1903?" Wata yarinya ta cika shafi biyu, sunaye da shekaru duk daidai, amma labari kawai ta jero, ba ta ce ga dalili ba. Na rasa makin da zan ba ta, da abin da zan rubuta mata.

Amsa: Wa'alaikumus salam Malam. Kafin ka ɗauki jan biro, sake duba tambayarka, domin ita ce alƙali. Da cewa ka yi "Ba da labarin yadda Turawa suka ci Kano", da yarinyar nan ta ci kusan duka makin, kuma zalunci ne a rage mata saboda abin da ba a nema ba. Amma "me ya sa" ka ce, dalili ke nan ka nema, saboda haka akwai wani sashe na aikin da ba ta taɓa ba.

Ina iya hango takardar, don na sha ganin irinta. Za ta ce an yi yaƙin basasa tsakanin Tukurawa da Yusufawa daga 1893, Alu ya hau sarauta bayansa. Za ta ce Lugga ya tura runduna daga Zariya ƙarƙashin Kanar Morland, suka bi ta Bebeji, suka shiga Kano a farkon watan Fabrairu na 1903, lokacin Sarki Alu yana Sakkwato. Ta ambaci Kwatarkwashi inda Waziri Ahmadu ya rasu, ta rufe da naɗin Abbas. Komai gaskiya ne. Sai dai ya yi kama da zaman shari'ar da shaidu suka hallara, kowa ya faɗi abin da ya gani, amma babu wanda ya shigar da ƙara. Shaida ba ta aiki sai an san da'awar da take tsaya wa.

Ka tabbatar da wannan kafin ka yanke hukunci, domin wani yaron yana da hujja, rashin iya tsara magana ne ya binne ta. Nemi jimla ɗaya tak a cikin takardar wadda mai hankali zai iya cewa "ban yarda ba". "An ci Kano a 1903" ba a gardama a kanta. "Rashin Sarki a gari ne ya sa aka ci Kano" kuwa ana iya musawa, to wannan ita ce matsaya. Sannan ka duba abin da ke haɗa jimlolinta. In "sai", "sannan", "daga nan" ne kawai, labari ne. In ka ga "saboda", "shi ya sa", "duk da haka", ta fara kafa hujja, ko da a layin ƙarshe ne, kuma tana da hakkin maki a kai.

Batun maki, kada ka ba da shi a dunƙule da yadda zuciyarka ta ji. Ni ga yadda nake raba 20 a irin wannan tambaya: 8 na ingancin bayanai, 8 na matsaya da yadda aka kāre ta, 4 na tsari da harshe. In bayananta sun inganta kamar yadda ka ce, ta ci 7 ko 8 a kashin farko, kada ka ji nauyin ba ta. A na biyu ta sami 1 ko 2, don zaɓen da ta yi na ambaton basasa da tafiyar Sarki ya nuna ta ji a jikinta suna da alaƙa da tambayar. Tsari kuma 3. Jimla 11 zuwa 13. Ka rubuta rabon a fili a kan takardar, ta ga 8 bisa 8 a gefen 2 bisa 8. Wannan kaɗai zai gaya mata inda ramin yake.

Abin da nake tsoro shi ne 17. Malamai da yawa suna bayarwa saboda takardar ta fi sauran tsafta, kuma bayan ka karanta littafi sittin masu cike da shirme, wadda ba ta da kuskure tana sanyaya rai. Amma in ta ga 17 za ta ɗauka ta iya, ta ci gaba a haka har ta je gaba inda za a kāda ta ba tare da ta san laifinta ba. In kuma ka ba ta 6, ka daidaita ta da wanda bai buɗe littafi ba. Yarinyar da ta riƙe sunan Kwatarkwashi da na Waziri Ahmadu ta yi karatu, wataƙila da fitilar waya bayan ta gama aikin gida. Ƙarfin haddar da yaranmu suke zuwa da shi jari ne, ba na so mu raina shi. Matsalar ita ce ba kasafai ake tambayar su ra'ayinsu ba, wasu ma suna ganin rashin kunya ne yaro ya ce "a ganina" a gaban malami.

Shi ya sa sharhi irin "babu zurfin nazari" ko "ki ƙara ƙoƙari" ba ya amfanar da ita. Ba ta san me ake nufi ba, abin da za ta yi shi ne ta ƙaro shekaru da sunaye, ta kawo maka shafi huɗu. Sharhin da zai yi aiki shi ne wanda ya ɗauko kayanta, ya tilasta mata zaɓi. Ga irin abin da zan rubuta, kuma ko da Turanci ta yi aikin, da Hausa zan gaya mata:

"Bayananki duka daidai ne, madalla. Kin gaya mini abin da ya faru, saura ki gaya mini dalili. Kin ambaci basasa, kin ambaci tafiyar Sarki Sakkwato, kin ambaci bindigogin Turawa. A cikin ukun nan wanne ya fi jawo faɗuwar Kano? Rubuta jimla ɗaya da za ta fara da 'Babban dalilin shi ne', ki bi ta da hujja biyu daga cikin abin da kika riga kika rubuta. Ki kawo mini ranar Litinin."

Ka lura ban gaya mata wanne ne daidai ba. In ka faɗa, za ta haddace shi kamar yadda ta haddace saura. Kuma ban taɓa kurakuran rubutu ba a wannan zagayen, ko da akwai su, domin in ta ga ja ya cika shafi, kan ƙananan za ta tsaya.

Idan ta dawo, mai yiwuwa za ta ce rashin Sarki ne, don shi ya fi kusa da hankali. Karɓi wannan da hannu biyu, sannan ka jefa mata tambaya ɗaya daga gida: a 1906 Sarkin Haɗeja Muhammadu yana cikin garinsa, ya tsaya ya yi yaƙi har ya yi shahada, amma aka ci Haɗeja. To da Alu yana nan, da Kano ta tsira? Ko ta koma kan bambancin makamai, ko ta tsaya a matsayarta ta nemo abin da ya raba Kano da Haɗeja. Kowanne ta ɗauka, ka ba ta maki gwargwadon yadda ta kāre shi, ba gwargwadon yadda ya dace da ra'ayinka ba.

Na san ba za ka iya rubuta wa yara sittin ko saba'in irin wannan sharhi ba. Tunda ciwon ba nata ba ne ita kaɗai, ware minti goma sha biyar a aji, rubuta dalilan uku a allo, kowane layi na benci ya ɗauki ɗaya ya kāre shi da baki. Bayan nan, a gefen takardun sauran, "Wanne ya fi, kuma don me?" ya isa, za su gane abin da kake nema. Ita kuma in ta kawo gyaran, ƙara mata maki a kashi na biyu, har 3 ko 4, ka shigar da sabon a rajista a gabanta.