Me ya sa ba a rubuta "na zuba" a sashen hanyar aiki?

Tambaya: Malam, na haɗa asfirin a ɗakin gwaji, amma an dawo mini da rahotona wai sashen hanyar aiki ya yi kama da takardar umarni. Yaya zan gyara shi?

Amsa: Takardar umarni tana cewa "zuba, dumama, tace", domin da wanda bai fara ba take magana. Kai kuwa ka gama, shaida kake bayarwa kan abin da ya riga ya faru. Shi ya sa ake amfani da lokacin da ya wuce. Ɓoye mai aikin kuma, wato "an zuba" maimakon "na zuba", dalilinsa shi ne sakamakon bai kamata ya dogara da hannun wanda ya zuba ba. Ko da Turanci kake rubutu, ƙa'idar ɗaya ce.

Ga yadda naka zai iya kasancewa:

"An zuba sinadarin salicylic acid, wato C7H6O3 (2.04 g, 14.8 mmol) da (CH3CO)2O (5.0 mL, 53 mmol) a tulun gilashi, aka ɗiga H3PO4 ɗigo 5. An dumama haɗin a 80 °C na minti 25, sannan aka ƙara ruwa (20 mL), aka sanyaya a ƙanƙara. Farin gari ya fito. An tace shi, aka sake narkar da shi a ruwa da C2H5OH ya sake daskarewa, aka busar. An samu asfirin, wato C9H8O4 (1.86 g, 70%), yana narkewa a 134–136 °C."

Ka lura da jerin: kayan haɗi da adadinsu, zafi da lokaci, raba abin da aka samu, tsarkake shi, sai nauyi da shaidar cewa shi ne. "Farin gari ya fito" kuwa ba a ɓoye mai aiki ba, don ba kai ka yi ba, gani ka yi.

Inda na fi damuwa shi ne ɗalibin da zai ɗauki takardar umarni ya mayar da kowane "zuba" ya zama "an zuba", shi ke nan. Nahawu ya gyaru, amma ya rubuta abin da bai faru ba. Takarda ta ce 2.0 g da minti 15, ma'auninka ya nuna 2.04 g, kuma ka kai minti 25. Naka za ka rubuta. Daga 2.04 g, iyakar asfirin da lissafi ya yarda a samu 2.66 g ne, daga nan 70% ta fito. Mai dubawa kan gane kwafi idan ya ga kowane adadi ya zo cif-cif da na takarda, babu launi, babu wani abin da ido ya gani.

Idan ka gwada garin da FeCl3 ya ba da launin shunayya, rubuta hakan a nan. Bayanin cewa ragowar C7H6O3 ce ta jawo shi, ka ajiye shi sai sashen tattauna sakamako.