Ɗakin bai ƙanƙance ba, takardar ce aka rage

"Yaya, mai gidan da zan kama haya a Faransa ya turo min filan ɗakin, na buga a nan Garwa. An rubuta 1/100, na auna da rula, ɗakin bai kai murabba'in mita 6 ba. Cuta ce?"

Ƙanena, kullum sai an zo biyan kuɗi kuke tuna mu. To, saurara. Wannan 1/100, wato santimita ɗaya a takarda mita ɗaya ne a ƙasa, tana aiki ne kawai a kan girman takardar da aka zana filan domin ta. Idan na A3 ne, mai fotokofi ya danna "Ajuster" ya matse shi a A4, kowane tsawo ya koma kashi 71 cikin 100, amma rubutun 1/100 yana nan yadda yake. Ka manta da shi.

Duba ƙasan takardar, akwai layin awo mai baƙi da fari, an rubuta 0 zuwa 5 m. Shi ne abin dogaro, domin tare da zanen aka rage shi. Ɗora rula daga 0 har 5, kada ka auna gaɓa ɗaya kawai, saboda kuskuren ido ya fi yin ɓarna a gajeren awo. A ce ka samu santimita 3.5. Da ba a rage ba, 5 za ka samu. Yanzu auna ɗakin daga cikin bango zuwa cikin bango, ban da kaurin bangon. A ce tsawo 2.8, faɗi 2.1. Ninka kowanne da 5, ka raba da 3.5: tsawo mita 4 ke nan, faɗi mita 3, wato murabba'in mita 12. Ka ga inda 6 ɗinka ta fito: an rage tsawo, an rage faɗi, sai fili ya dawo rabi.

Amma kada ka saki jiki. Layin awon a kwance yake, ba zai gaya maka ko an ja hoton ta tsaye ba. Filan da aka ɗauka da waya a karkace, ko aka ja gefensa ɗaya a kwamfuta, awonsa ya lalace. Gwada da ƙofofi biyu, ɗaya a bangon da ke kwance, ɗaya a na tsaye. Ƙofar ɗaki takan kama santimita 70 zuwa 90. Idan ɗaya ta ba ka 80 ɗaya ta ba ka 120, yar da takardar, ka nemi PDF na asali, a buga a A3 da "Taille réelle", wato ainihin girmansa. In kuma akwai tsawon da aka rubuta da lamba a jikin bango, shi za ka bi, ba rularka ba.

A wannan takarda, kuskuren rabin milimita santimita 7 ne a ƙasa, don haka kada ka yanke cewa gado ko kabad zai shiga lungu da wannan lissafi.

Dokar Faransa ta 2002 ta ce ɗakin haya kada ya gaza murabba'in mita 9 da tsayin rufi mita 2.20, ko kuma girman cikinsa ya kai kubik mita 20. Filan ba ya nuna tsayin rufi, kuma ɗakunan ɗalibai da yawa a ƙarƙashin jinka suke, inda rufin ya gangaro. Kada ka tura ko dala ɗaya kafin wani namu ya shiga da tef ya auna.